Wasiƙa biyu zuwa ga malamin tirigonometiri: wacce za ka aika kafin jarrabawar shiga jami'a?

Na daɗe ina koyar da lissafi a gefe, ɗalibi ɗaya ko biyu a lokaci guda. Duk sa'ad da jarrabawar shiga jami'a ta matso, sai saƙonni su fara shigo mini, kuma mafi yawansu kukan tirigonometiri suke yi. Idan na jera su, kusan duka iri biyu ne. Zan kawo samfurin kowanne ba tare da suna ba, domin mai shirin rubuta tasa ya ga abin da kowace wasiƙa ke jawo masa, mai daɗi da marar daɗi, kafin ya zaɓa.

Ga ta farko:

"Assalamu alaikum Malam. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Malam, ni ɗalibi ne da zan rubuta jarrabawar shiga jami'a nan da mako shida. Tirigonometiri ba ya shiga kaina ko kaɗan. Ina roƙon ka taimaka ka koya mini shi tun daga farko har ƙarshe. Duk lokacin da ka ba ni zan zo. Na gode, Allah ya ƙara basira. Ɗalibinka."

Ga ta biyu:

"Assalamu alaikum Malam. Ina gaisuwa, da fatan an wuni lafiya. Saura mako shida in rubuta jarrabawar shiga jami'a. Tambayoyin na zaɓi ne, amsa huɗu a ƙarƙashin kowace, kuma ba a shiga da kalkuleta. Na yi tsofaffin takardu na shekara uku, na ware tambayoyin tirigonometiri guda 18, na ci 7. Na iya fitar da sin da cos da tan a alwatika mai kusurwar digiri 90, na kuma haddace na digiri 30 da 45 da 60. Na haɗo hoton uku daga cikin waɗanda na faɗi, da aikina yadda na yi shi, ban goge komai ba. A ganina matsalata ita ce ban haddace fomula da yawa ba. Ina da sarari yamma biyu a mako, awa ɗaya kowace rana. Idan Malam zai karɓe ni, ina so in san sharuɗɗansa da abin da zan zo da shi. Na gode. Ɗalibarka."

Dukkansu sun yi ladabi, dukkansu na amsa su. Bambancin yana cikin abin da zan iya yi da kowacce kafin mu haɗu. Mako shida, zama biyu a mako, awa ɗaya kowane zama: awa 12 ke nan. Wannan ita ce dukiyar da ɗalibin ya mallaka, kuma wasiƙarsa ce ke fara kashe ta.

Mai wasiƙa ta farko bai gaya mini komai ba sai cewa yana cikin damuwa. "Daga farko har ƙarshe" hanya ce mai tsawo. Akwai sin da cos da tan a alwatika, akwai kusurwoyin nan na musamman, akwai da'ira da kusurwoyin da suka wuce digiri 90, akwai zanen sin da cos, akwai fomulolin da ke canja kamannin lissafi, akwai warware ikweshan, akwai ƙa'idar sin da ta cos ga alwatikar da ba ta da digiri 90, sannan tambayoyin tsawon gini da alkibla. Kafin in san inda zan taɓa, dole in ba shi gwaji in zauna ina kallon hannunsa, kuma wannan yakan cinye zama ɗaya, wani lokaci biyu. Sauran awa goma sai a raba su a kan batutuwa takwas, kowanne ya samu ɗan tsakure. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, sau da yawa sai a zama na uku nake gano cewa yaron ya iya kashi uku na farko sarai, kunya ce ko firgici ya sa ya ce bai san komai ba. Mun ɓata awa biyu muna maimaita abin da ke hannunsa.

Wasiƙa ta biyu kuwa, tun ban ga mai ita ba na fara aiki. Ga tambaya ta farko da ta turo, da abin da ta rubuta a ƙasa. An ce a nemo duk x daga digiri 0 zuwa 360:

```
2 sin x cos x = cos x
2 sin x = 1
sin x = 1/2
x = 30°
```

Layi huɗu ne kacal, amma sun nuna mini ciwo biyu, kuma babu ɗaya a cikinsu da hadda ke warkarwa.

Na farko yana tsakanin layi na ɗaya da na biyu. Ta ga cos x a dama da hagu, sai ta raba duka da shi, ya ɓace. Amma ba a raba abu da sifili, kuma cos x yana iya zama sifili. A digiri 90 cos sifili ne, haka ma a 270. Gwada 90 a layin farko: hagu ya ba da 2 sau 1 sau 0, wato sifili, dama ma sifili. Ashe 90 amsa ce, 270 ma amsa ce, ta zubar da su duka biyun da hannunta tun kafin ta fara. Hanyar da ta dace ita ce a kwaso komai zuwa gefe ɗaya, a fitar da abin da suka yi tarayya a kai:

```
2 sin x cos x − cos x = 0
cos x (2 sin x − 1) = 0
cos x = 0   ko   sin x = 1/2
```

Wannan kuskuren ma ba na tirigonometiri ba ne, na aljabara ne. Ɗalibin da ya yi shi a nan, idan ka ba shi x² = 3x zai ce maka amsa 3 ce, ya manta da sifili. Gyaransa ba ya wuce minti ashirin idan malami ya san yana nan.

Na biyu yana layin ƙarshe, kuma shi ne babba. Ta tsaya a digiri 30 domin a kanta sin abu ne da ke zaune cikin alwatika mai digiri 90, inda babu kusurwar da ta kai 90 sai ita wannan ɗayar. A wannan duniyar, sin x = 1/2 amsa ɗaya gare shi. Amma tambayar ta ce har zuwa 360, kuma ba a zuwa can sai ta da'ira. Zana da'ira wadda tsakiyarta ke kan mahaɗar layin x da layin y, nisan tsakiya zuwa baki ya zama 1. Ɗora ɗigo a bakinta ta hannun dama, ka riƙa juya shi saɓanin tafiyar hannun agogo. A kowace kusurwa, tsayin ɗigon daga layin kwance shi ne sin, nisansa zuwa dama ko hagu shi ne cos. A digiri 30 ɗigon ya hau rabi. Yana ci gaba da hawa har ya kai ƙololuwa a 90, sannan ya fara gangarowa ta hagu, kuma dole a kan hanyar saukowa ya sake ratsa tsayin rabi. Inda yake ratsa shi kuwa digiri 30 ne kafin 180, wato 150. Don haka cikakkiyar amsa huɗu ce: 30, 90, 150 da 270. Ita ta samo ɗaya.

Wani abin da nake yawan faɗa wa ɗalibai a nan, ko da zai ɗan janye mu: da'irar nan ba ƙari ba ce da aka liƙa wa darasin daga baya don a wahalar da su. Daga cikinta ilimin ya fito. Tolomi, masanin taurarin da ya rayu a Iskandariyya a ƙarni na 2, teburin da ya tsara na tsawon layukan da ke ratsa da'ira ne daga baki zuwa baki, rabin digiri bayan rabin digiri. A makaranta ne aka juya tsarin, aka fara da alwatika domin ta fi sauƙin kamawa, sai yara da yawa suka tare a can ba su ƙarasa gida ba.

Tambaya ta biyu da ta turo gajeruwa ce. An ce a nemo sin 75° ba da kalkuleta ba. Ta lura cewa 75 shi ne 45 da 30, wanda tunani ne mai kyau, sai ta haɗa sin 45° da sin 30°. Wato kusan 0.707 da 0.5, jimla 1.207. A nan za a iya cewa ta yi gaskiya, fomula ce ta rasa:

```
sin(A + B) = sin A cos B + cos A sin B
sin 75° = (√6 + √2)/4 ≈ 0.966
```

Amma abin da ya ɗauki hankalina shi ne yadda 1.207 bai tayar mata da hankali ba. Wanda da'ira ke cikin kansa ya san ɗigon ba ya hawa sama da 1, domin iyakar tsayin da'irar ke nan. Ko ya manta fomula, zai ga 1.207 ya ce a'a, akwai abin da ya lalace. A jarrabawar zaɓi wannan sanin kaɗai yakan kashe amsa ɗaya ko biyu cikin huɗu: sin 75° dole ya fi sin 60°, wato ya fi 0.866, kuma dole ya gaza 1. Ke nan tambayarta ta biyu ma ga rijiyar da'irar nan ta koma.

Ta uku ce ta sha bamban. Mutum yana tsaye a fili, ya ɗaga kai ya ga ƙololuwar hasumiya a kusurwar digiri 30. Ya matsa mita 20 wajen hasumiyar, kusurwar ta zama 60. Mene ne tsawon hasumiyar? Ta rubuta 20 tan 30°, ta samu kusan mita 11.5. A hoton da ta turo babu zane ko ɗaya, kuma nan ne matsalar. Ta ɗauki mita 20 a matsayin nisan mutumin zuwa gindin hasumiya, alhali nisa ne tsakanin inda ya fara tsayawa da inda ya koma. Da ta zana, da ta ga alwatika biyu masu digiri 90 sun jingina da tsayi guda. Idan tsawon shi ne h, nisan farko zuwa gindi h√3 ne, na biyu h/√3, bambancinsu kuma 20:

```
h√3 − h/√3 = 20
2h/√3 = 20
h = 10√3 ≈ 17.3
```

Akwai ma gajeriyar hanya da zanen ke bayarwa kyauta. Alwatikar da ke tsakanin matsayi biyun da ƙololuwa tana da kusurwar 30 a matsayin farko, 120 a na biyu, saura 30 a sama. Kusurwa biyu sun yi daidai, don haka gefe biyu ma sun yi daidai: daga matsayi na biyu zuwa ƙololuwa mita 20 ne cif. Tsawon hasumiya sai ya zama 20 sin 60°, wato 10√3 ɗin dai. Layi ɗaya. A jarrabawar da agogo ke bin mutum, irin wannan ke raba wanda ya gama da wanda aka karɓe wa takarda.

To, daga hoto uku na san cewa yarinyar tana bukatar da'ira kafin komai, sai ɗan gyaran aljabara, sai a tilasta mata zane kafin ta taɓa lissafi. Na tsara mata zama biyu na farko a kan da'ira kaɗai, na uku a kan ikweshan, biyu a kan tambayoyin tsayi da alkibla inda na hana ta rubuta lamba sai ta zana, ɗaya a kan fomulolin haɗa kusurwa, biyu a kan ƙa'idar sin da ta cos. Zama huɗu suka rage na yin tsofaffin takardu da agogo a gaba. Mai wasiƙa ta farko ba ya samun waɗannan huɗun, kuma su ne suka fi kama da ranar jarrabawa.

Kada a ɗauka wasiƙa ta biyu ba ta da aibi. Tana da shi, kuma yana cikin jimlar nan da ta ce matsalarta rashin hadda ce. Ana cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gaskiya ne, amma a lissafi mai ɗaki ya san inda ruwa ke ɗiga ne kawai, ramin da ke rufin yana iya kasancewa can wani gefe. Da ta rubuto mini wannan jimlar ita kaɗai ba tare da hotunan ba, kuma da ni malami ne mai bin abin da aka ce masa, da na cika mata takarda da fomula ashirin, ta haddace, ta shiga jarrabawa ta sake tsayawa a digiri 30. Irin wannan wasiƙar, mai bayyana ciwo da bakin majiyyaci ba tare da an nuna wurin ba, ta fi ta farko haɗari. Ta farko dai ta bar malami ya bincika da kansa. Wannan kuwa ta nuna masa hanyar da ba ita ba, da ƙarfin gwiwa. Abin da ya ceci ta biyu shi ne aikin da ta haɗo ba gogewa. Ra'ayinka game da matsalarka kana iya faɗa, ba laifi, amma ka sa shi bayan shaidar, kuma ka ce "a ganina" kamar yadda ta yi.

Aibi na biyu shi ne ɗalibi yana kawo abin da ya gani ne kawai. Idan takardun shekara ukun da ya yi ba su tambayi wani abu ba, ba zai san bai iya shi ba. Misali, alwatika mai gefe 7 da gefe 10, kusurwar da ke fuskantar gefen 7 kuma digiri 40 ce. Idan B ita ce kusurwar da ke fuskantar gefen 10, ƙa'idar sin za ta ba ka sin B kusan 0.918, ka ce B digiri 66.7 ne ka wuce. Amma 113.3 ma ya yi, domin idan ka haɗa shi da 40 bai kai 180 ba, saura wuri ga kusurwa ta uku. Alwatika biyu ne suka dace da bayanin. Yarinyar ba ta turo irin wannan ba domin ba ta taɓa cin karo da ita ba, amma ni da na ga ta manta 150 na san za ta manta 113.3. Malamin kirki zai hango wannan. Wanda ba ya son wahala kuwa zai warware maka ukun da ka kawo, ka kawo wasu ukun ya warware, har mako shida ya ƙare kana da tarin amsoshi ba ka da hanya. Maganin wannan jimla ɗaya ce a ƙarshen wasiƙa: "Idan Malam ya ga wani gurbin da ban lura da shi ba, ina so mu fara da shi." Ka kuma haɗa masa jerin batutuwan da masu jarrabawar suka fitar, in sun fitar.

Yaushe ne wasiƙa ta farko ta fi dacewa? Akwai lokacin. Wani ɗalibin da gaske ba a taɓa koya masa darasin ba, ko malaminsu ya tafi a zangon da ya kamata a yi shi, ko ya bar makaranta shekara biyu ko uku kafin ya dawo neman shiga jami'a. Irin wannan idan ya ce zai turo kuskurensa, farar takarda zai turo, domin bai san ta inda ake farawa ba balle ya yi kuskure. Tilasta masa salon ta biyu ɓata lokaci ne, kuma yana iya sa shi ya kwafo aikin wani don kada ya ji kunya, wanda shi ne mafi muni, domin malami zai gina a kan harsashin da babu shi.

Hanyar da za ka san ɓangaren da kake ba ta bukatar kowa. Rufe littafi, ajiye waya, ba kanka minti ashirin da tambaya huɗu. Ta ɗaya: alwatika mai digiri 90 da gefe 5 da 12 da 13, rubuta sin da cos da tan na ƙaramar kusurwarta. Ta biyu: zana alwatika mai gefe uku daidai, kowanne 2, raba ta biyu daga sama zuwa ƙasa, ka fitar da sin 60° da cos 60° daga zanen, ba daga hadda ba. Ta uku: nawa ne cos 120°, kuma me ya sa? Ta huɗu: warware x² = 3x. Amsoshin su ne 5/13 da 12/13 da 5/12 ga ta ɗaya. √3/2 da 1/2 ga ta biyu, bayan ka samu tsayin √3 ta ƙa'idar Fitagoras. −1/2 ga ta uku, domin a 120 ɗigon ya tsallaka hagu da rabi. 0 da 3 ga ta huɗu.

Idan ka kasa ta ɗaya, wato ba ka iya tantance gefen da ke fuskantar kusurwa da wanda ke jikinta da kuma mafi tsawo ba, wasiƙa ta farko ce taka, kuma babu abin kunya a ciki. Sai dai kada ka aika ta tsirara kamar yadda na kawo ta. Ƙara mata abu uku: ranar jarrabawa, ko ana shiga da kalkuleta, da sakamakon wannan gwajin. Jimla kamar "Malam, na gwada fitar da sin a alwatika mai gefe 5, 12, 13 na kasa, amma na warware x² = 3x daidai" ta tanadar maka zaman gwajin nan gaba ɗaya. Malami ya san zai fara daga tushe, ya kuma san aljabararka za ta ɗauki nauyi. Sannan ka yarda tun yanzu cewa a mako shida ba za a gama komai ba. Ka roƙe shi ya zaɓar maka abin da ya fi fitowa, ku bar sauran. Ɗalibin da ya kama alwatika da kusurwoyi na musamman da da'ira da kyau ya fi wanda aka zagaya da shi batutuwa takwas a guje.

Idan ka ci ta ɗaya da ta biyu, ka yi tuntuɓe a ta uku ko ta huɗu, to kai ne mai wasiƙa ta biyu ko da zuciyarka na ce maka ba ka san komai ba. A nan mafi yawan masu rubuto mini suke, har da da yawa daga cikin masu aiko ta farko. Zauna ka yi tsofaffin takardu, ka ware waɗanda ka faɗi, ka zaɓi uku ko huɗu da ba su yi kama da juna ba. Idan kuwa ka ci huɗun duka amma makinka a takardu bai tashi ba, wasiƙarka ta biyu ce har yanzu, sai dai ka ƙara lokacin da kowace tambaya ta ɗauke ka, domin mai yiwuwa ciwonka jinkiri ne, kamar wanda ya bi doguwar hanya a tambayar hasumiya alhali ga gajeriya.

Yawan lokacin da ya rage ma yana karkata ma'aunin. Mai wata uku a gaba yana iya aika ta farko bai yi asara sosai ba, domin zama biyu na bincike ba komai ba ne cikin ashirin da wani abu, kuma bin darasin a jere yana toshe guraben da bai san da su ba. Mai mako biyu kuwa ba shi da wannan sararin. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma malamin da ya yi maka alkawarin koya maka tirigonometiri duka a zama huɗu, ko dai bai san darasin ba ko bai damu da kai ba. Ta biyu kaɗai ce ke da amfani a wannan halin, ita ma a taƙaice: kuskure biyu, a gyara su, a yi takardu.

Maganar kalkuleta da na nace a kai tana da dalili. Idan ba a shiga da ita, darasin zai karkata ga kusurwoyin 30 da 45 da 60 da 'yan'uwansu a sauran da'ira, da iya sarrafa lambobi irin √2 da √3, domin da su masu jarrabawa za su gina tambayoyinsu. Idan ana shiga da ita, akwai wani ramin na daban. Na taɓa samun hoton aikin wani yaro da kowane mataki daidai ne amma kowace amsa ta karkace. A wani layi ya rubuta sin 30 = −0.988. Kalkuletarsa tana kan RAD ne maimakon DEG, tana ɗaukar 30 a matsayin radiyan, wani ma'aunin kusurwa daban da digiri, ya kwashe kwanaki yana zargin kansa da daƙiƙanci. Da wasiƙa ta farko ya aiko, da sai mun zauna na gano. Da yake hoto ya turo, amsata ta kasance layi biyu, na kuma ce masa duk ranar da zai fara aiki ya danna sin 30 tukuna, idan bai ga 0.5 ba kada ya ci gaba.

Saura yadda za a turo aikin. Kada ka sake kwafe shi a sabuwar takarda don ya yi kyau. Inda ka soke, inda ka fara wata hanya ka fasa, inda ka tsaya a tsakiyar layi, duk su nake karantawa, kuma sau da yawa hanyar da aka soke ita ce daidai, tsoro ne ya sa aka bar ta. Rubuta tambayar cikakkiya a saman aikin, har da iyakar kusurwar da aka bayar da amsoshin zaɓi huɗun, domin amsoshin bogi da masu jarrabawa ke jerawa galibi daga sanannun kurakurai ake ƙera su, kuma wadda ka zaɓa tana gaya mini wane rami ka faɗa. Ɗauki hoton da haske, takarda ɗaya hoto ɗaya, a miƙe. Idan ka duba amsar a bayan littafi kafin ka gama, faɗi a wane layi ka duba.